Yadda Ake Fahimtar da Dattawan Ƙungiyar Manoma Amfanin Shafin Intanet Wajen Sayar da Albasa

Karon farko da na tsaya gaban dattawan wata ƙungiyar manoman albasa a ƙasar Aliero da wannan magana, na je da kwamfuta a jaka da dogon bayani a baki. Na yi kusan rabin awa ina cewa duniya za ta ga albasarsu. Da na gama, wani tsoho da ke jingine da bangon zaure ya gyara zama ya ce: “Ɗana, mun ji. To in mota ta lalace tsakanin Kwantagora da Makwa, albasa ta ruɓe, wanga shafi naka shi ka biyanmu?” Ban da amsa. Aka yi addu'a aka watse, kuma sai da shekara ta zagayo kafin su sake ba ni wurin zama.

Tun daga nan na yi irin wannan zama sau da yawa, a ƙauyukan Aliero da Jega da Maiyama da Gwandu, kuma abin da na gane shi ne: shafin intanet ba ya sayar da albasa. Abin da yake yi shi ne ya sa baƙon da bai san ku ba ya same ku, ya yarda ku mutane ne na gaske, har ya buga waya. Ciniki kuwa mutane ne ke yin sa, kamar yadda aka saba. Idan ka shiga zaure da wannan fahimta, dattawa za su saurare ka. Na ɗauki albasa ne a nan domin ita na fi sani, amma mai shinkafa a Argungu ko Suru zai iya bin matakan da ɗan gyara.

Abin da za ka tanada

Wayar hannu mai babban fuska, cike da caji da data. Kwamfuta ba dole ba ce, kuma a gaskiya waya ta fi, domin tana zagayawa hannu zuwa hannu. Sai hotunan albasar ƙungiyar da ka ɗauka da kanka: a gona, a cikin rudu, wato wurin ajiyar albasa, a buhu kan sikeli. Sai littafin rubutu da biro, da babban kwali da alƙalamin maka, ko allo da alli idan akwai makaranta kusa. Sai farashin buhu na makon nan a kasuwarku, da farashinsa a Mil 12 ta Legas ko Bodija ta Ibadan ko Anaca, wanda ka ji daga bakin mutumin da ke can, ba jita-jita ba. Sai takardar farashin aikin shafin daga mutum biyu ko uku masu yin sa, a rubuce. Ka kuma tabbatar ka ga takardar rajistar ƙungiyar da idonka, ka san ko tana da asusun banki da sunanta.

Idan sabis ba shi da ƙarfi a garin, ka ɗauki hoton fuskar wayar na duk abin da kake son nunawa tun kana inda akwai sabis. Babu abin da ke kashe magana kamar ka riƙe waya sama tana juyi, dattawa ashirin suna kallonka. Goro ko dabino kuma kada ka raina shi.

1. Ka fara sanin yadda ake sayar da albasar a yanzu

Kafin ka furta kalmar shafi ga kowa, ka yi kwana biyu ko uku kana tambaya. Wa ke saye? Dillalai nawa ne a tsakani kafin buhu ya hau mota? Nawa ake biyan la'ada, nawa 'yan dako ke karɓa, wa ke biyan kuɗin mota? Kuɗi hannu ake bayarwa ko sai an sayar a Kudu a aiko? Buhu nawa ƙungiyar za ta iya tarawa a mako guda ba tare da an roƙi kowa ba?

Tambaya ta ƙarshe ita ce mai yanke hukunci. Mai saye daga nesa yana son cikon mota, ko aƙalla rabinta, kaya iri ɗaya, a rana ɗaya. Idan 'yan ƙungiya kowa da buhunsa biyar yake zuwa kasuwa ranar da ya ga dama, kuma ba su taɓa haɗa kaya sun sayar tare ba, to ba su kai ga shafi ba tukuna. Ka gaya musu haka, ka taimaka su gwada haɗa kaya sau ɗaya ga ɗan kasuwar da suka sani. Shafin da ya jawo mai saye aka kasa cika masa mota ya fi rashinsa illa, domin mutumin ba zai sake kira ba, kuma zai faɗa wa abokansa.

Ka kuma tambayi baƙin cikinsu. A albasa kusan kullum abu biyu ne. Lokacin da aka cire ta rani kowa ya fito da tasa a tare, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, ga bashin taki da man injin ban ruwa yana jira. Wanda ya daure ya zuba a rudu yana jiran tsada kuma yana kallon wani kaso na ruɓewa, wani na tsiro, sauran na raguwa a nauyi. Maganarka duka a kan waɗannan biyun za ta tsaya.

2. Ka bi manya ɗaya bayan ɗaya kafin ranar taro

Wannan mataki ne matasa suka fi tsallakewa. Dattijo ba ya son ya fara jin sabon abu a bainar jama'a, domin idan bai gane ba ba zai tambaya a gaban 'ya'yansa ba, sai dai ya ƙi. Ka je gidan shugaban ƙungiya bayan sallar asuba ko bayan isha'i, ka gaishe shi, ka ce: “Baba, akwai wata shawara da nake son ka duba mini kafin kowa ya ji. In ka ga babu alheri a ciki, shi ke nan, ta mutu a nan.” Haka za ka yi wa ma'aji, da Sarkin Noma, da liman. Maigari kuma a sanar da shi ta bakin shugaba, ba ta bakinka ba.

Wanda ya fi kowa muhimmanci shi ne babban dillalin garin. Kada ka yi kuskuren ɗaukarsa abokin gaba. Sau da yawa ƙanin shugaba ne ko surukinsa, shi ke ba manoma bashin iri da taki, shi ya san wane ɗan kasuwa ke biya wane ke gudu. Na taɓa jin wani saurayi ya ce a taro “kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi”, yana nufin dillalai. Magana ta ƙare a nan take. Ka je wa dillali da aikin da zai yi a sabon tsari: shi zai tantance kaya, shi zai yi ciniki da mai kira, kuma la'adarsa tana nan. Mai saye na nesa ma yana bukatar wanda ya san albasa da ido.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan zagaye shi ne lokacin dashe, watanni kafin a cire. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar taron kuma kada ta zama ranar kasuwa. Bayan la'asar ya fi, kuma ka gama kafin magariba.

3. A zauren, su za su fara magana

Bayan addu'a da gaisuwa, shugaba ne zai gabatar da kai. Kai kuma ka fara da tambaya: “Iyayena, bara da aka cire albasa, nawa aka sayar da buhu a nan? Bayan wata huɗu kuma nawa ya kai?” Ka rubuta amsarsu a kwali da manyan lambobi. Sannan ka tambayi nawa buhun yake a Legas a wannan mako. Za a sami wanda ya sani. Idan an yi gardama, ka kira mutuminka na can ka sa wayar a lasifika ya faɗa da bakinsa.

A nan akwai tarko. Tazarar da ke tsakanin farashin gida da na Legas ba riba ba ce duka, kuma dattawa sun fi ka sanin haka. A cikinta akwai kuɗin tirela daga Jega ta bi Yawuri da Kwantagora da Jebba da Ilori har Legas, da abin da ake kashewa a shingayen hanya, da 'yan sauke kaya, da la'adar can, da buhunan da za su lalace. Ka faɗi wannan da kanka kafin wani ya faɗa maka. Abin da kake nema ba tazarar duka ba ce. Ɗan ƙari ne a kan kowane buhu, da mai saye na biyu da za a iya juyawa gare shi idan na kullum ya karya farashi.

4. Ka faɗi mene ne shafin da abin da suka sani

Kada ka shiga bayanin yadda intanet ke aiki. Ni abin da nake cewa a ƙasar Aliero shi ne: “Mutum ya karye a gari mai nisa, a ɗauko shi har nan wurin masu ɗori. Wa ya gaya masa? Suna ne ya je masa, ya tambayi hanya ya zo. To albasarmu ma tana da suna, sai dai mai nemanta a Fatakwal bai san ƙofar da zai buga ba, sai ya bi ta hannun mutum huɗu. Shafin nan allo ne da aka kafa a bakin hanyar da masu saye ke bi, ɗauke da sunan ƙungiya, da abin da take da shi, da lambar da za a kira. Ba ya barci, ruwa ba ya goge shi.”

Sai ka nuna. Gani ya kori ji. Ka shirya shafin gwaji mai fuska ɗaya tun a gida, da hotunan albasarsu, ka miƙa wa mafi tsufa wayar, ka bar ta ta zagaya. Za ka ga mutum ya tsaya a hoto ya ce wannan ai rudun wane ne. Daga wannan lokaci abin ya zama nasu. Idan ba ka iya haɗa shafin gwaji ba, ka zana shi a kwali kamar fuskar waya, ka manna hotunan da aka wanke.

Ka karanta musu abin da zai kasance a kai, kuma kaɗan ne: sunan ƙungiya da lambar rajistarta, ƙaramar hukuma, irin albasar da girmanta, watannin da ake samunta, nauyin buhu, mafi ƙarancin abin da ake sayarwa, yadda ake biya, da lambar waya ɗaya. Maganar nauyi ka tsaya a kanta. A wurinmu buhu buhu ne, amma mai otal ko mai sarrafa abinci a Kudu da kilo yake lissafi, kuma buhu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Sai an ɗora buhu goma a sikeli an ga matsakaicin nauyinsu a rubuta. Farashi kuwa ba na ba da shawarar a rubuta shi, domin na albasa yana canjawa cikin kwanaki, kuma tsohon farashi a shafi rigima yake jawowa. A rubuta cewa a kira a ji na yau.

Ka gaya musu gaskiyar wanda ake sa ran zai kira. 'Yan albasar Mil 12 galibi 'yan uwanmu ne, suna da mutanensu a nan tun kaka da kakanni, ba sa bukatar shafi. Wanda shafi ke kawowa shi ne wanda ba shi da ɗan gari: mai gidan abinci, mai babban kanti, mai kwangilar ciyar da makaranta, wakilin mai fitar da kaya waje. Shi ya sa dole shafin ya kasance da Turanci tare da Hausa, kuma mai ɗaga wayar ya iya Turanci ko da na buroka ne.

5. Ka juya kuɗin zuwa buhu

Kuɗin shafi kashi uku ne, kuma ka raba su a fili. Akwai ladan wanda zai gina shi, sau ɗaya ake biya. Akwai kuɗin suna, wato adireshin da ake bugawa, irin `sunanku.com.ng`, wanda ake sabuntawa duk shekara. Sunayen da ke ƙarewa da `.ng` hukumar NiRA ce ke kula da su, ana saye ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Akwai kuma kuɗin hayar wurin da shafin zai zauna, shi ma duk shekara. Ga dattawa nakan ce: suna shi ne lambar rumfa, haya kuma kuɗin rumfar, idan ba a biya ba sai a rufe, wani ma ya iya karɓe lambar. A ƙara da data da katin wayar mai amsa kira. Wajen zaɓen suna a guji ƙ da ɗ da ɓ, a rubuta `kungiya` da k na kullum, domin mai saye ba shi da waɗannan baƙaƙe a wayarsa.

Ga yadda nake yin lissafin a kwali. Lambobin nan misali ne kawai, kai ka sa na makon da kake ciki. A ce duk kuɗin shekarar farko naira 120,000 ne, buhu kuma yana naira 40,000 a kasuwa. Ke nan shafin buhu uku ne. Idan 'yan ƙungiya 40 ne, kowa naira 3,000. Da zarar an ce buhu uku, sai ka ga fuskoki sun saki, domin kowa ya san yawan abin da ke ruɓe masa a rudu.

Sai ka kawo ciniki guda. Buhu 100 a kasuwar gida naira 4,000,000 ne, a cire la'ada ta naira 500 a buhu, saura 3,950,000. A ce mai saye ya kira ta shafi, ya yarda da naira 45,000 a buhu, shi zai turo motarsa, amma yana son zaɓaɓɓiya. Da aka zazzage aka tantance, buhu 92 suka fita, kuɗinsu 4,140,000. Buhu 8 na ƙanana da masu tabo aka sayar a gida a rabin farashi, 160,000. Jimla 4,300,000. A cire ladan masu tantancewa da sababbin buhuna da lodi, a ce 150,000, a cire la'adar dillali 50,000, saura 4,100,000. Bambanci da kasuwar gida naira 150,000 ne. A cire kuɗin shafi, saura 30,000.

Na san wani zai ce wannan lissafi ba ya burgewa. Da gangan nake yin sa haka. Mota ta farko shafin take biya, riba sai a ta biyu da ta uku, idan mutumin ya dawo. Dattawan nan sun ga masu zuwa da alkawarin ninki biyu, kuma wanda ya cire wa kansa buhu takwas na tabo a lissafi shi suke yarda da shi.

6. Tambayoyin da za su zo, da amsar gaskiya

Ta farko damfara ce. Za a ce intanet ai gidan 'yan damfara ne, kuma ciniki da wanda ba ka gani ba cinikin biri a sama ne. Kada ka musa. Ka shimfiɗa doka a gabansu: ba a loda buhu ko ɗaya sai kuɗi ya shiga asusun ƙungiya. Saƙon alat a waya ba shaida ba ne, hoton rasit da mai saye ya turo ba shaida ba ne, duka ana ƙirƙirarsu. Ma'aji zai duba ragowar kuɗin asusun da kansa, ta manhajar banki ko a reshe, ya ga ya ƙaru. Mai saye ma yana tsoron ku, don haka tsarin da ya fi tafiya shi ne ya ba da kafin alƙalami, ya turo wakilinsa ko direbansa ya ga kaya, ya cika kuɗi, sannan mota ta tashi. Wanda ya ce ya turo fiye da kima bisa kuskure a mayar masa da ragowa, ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo, a kashe wayar. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 yawancin manoma sun saba da tiransifa, wasu kuma a lokacin ne aka cuce su da alat na bogi, saboda haka ka bar su su ba da labarinsu, zai ƙarfafa dokar.

Ta biyu tsaro ne, kuma a Kebbi da Zamfara wannan ba tambayar wasa ba ce. Wani zai ce kana so ka sanar da ɓarayin daji inda dukiya take. Yana da gaskiya, kuma shafin ne zai bi maganarsa. Ba a sa sunan ƙauye idan ba su so, ƙaramar hukuma ta isa. Ba a sa hoton gidan kowa, ko fuskar kowa, ko sunayen 'yan ƙungiya, ko yawan kuɗin da aka samu, ko ranar da mota za ta tashi. Baƙo kuma a kasuwar gari ake haɗuwa da shi, a can ake lodi, ba a kai shi gona ko wurin ajiya. Wannan amsa ta kan warware maganar hoton mata ma, idan akwai masu aikin tantancewa a cikinsu: hannu da albasa kawai za a ɗauka.

Ta uku ita ce tambayar tsohon nan ta mota. Amsar da ya kamata in ba shi a ranar ita ce: “A'a, Baba, shafi ba ya biya. Shi ya sa za mu sayar a nan, a kan sikelinmu, hanya ta zama ta mai saye.” Waɗanda suka tuna rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, da yadda kai kaya Kudu ya tsaya bayansa, sun san hanya tana da nata hatsarin da babu allon da zai kare. Ƙungiyar da ke farawa kada ta ɗauki nauyin kai kaya.

Ta huɗu ba kasafai ake furta ta ba, amma tana zuciyar kowa: kai me za ka samu? Ka faɗa kafin a tambaya. Idan za a biya ka, ka faɗi nawa. Kuma kada ka nemi lambar BVN ko katin ɗan ƙasa na kowa. Shafi ba ya bukatarsu, kuma mutanen karkara sun gaji da masu zuwa rubuta sunaye su ɓace.

7. Makulli a hannun ƙungiya

Na ga shafin wata ƙungiya ya mutu ba don rashin masu saye ba. Saurayin da ya gina shi ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa da lambarsa, ya sami aiki a wani gari, shekara ta cika saƙon sabuntawa ya je masa shi kaɗai, bai gani ba. Aka wayi gari adireshin da aka buga a kan buhuna ba ya buɗewa. Ba mugunta ya yi ba, tsari ne babu.

Saboda haka ka gabatar da wannan a matsayin sharaɗi daga gare ka, dattawa za su ji daɗinsa. A buɗe imel na ƙungiya, a sayi layin waya na ƙungiya, da su za a yi rajistar komai. A rubuta kalmomin sirri a takarda biyu, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji, tare da ranar sabuntawa. Kuɗi kuma asusun ƙungiya kawai, mai sa hannun mutum biyu ko uku, ba asusun wani ba, ko da na shugaba ne. Mai saye da ya ga sunan asusu ya yi daidai da sunan da ke shafi hankalinsa ya fi kwanciya. Matasa biyu za a naɗa su riƙe wayar, ba ɗaya ba, kuma ba su da ikon yanke farashi. Aikinsu su amsa, su rubuta, su haɗa mai kira da dillali da shugaba.

8. Idan kuɗi ko yarda ba su kai ba

Wani lokaci za a ce abin ya yi kyau amma ba bana ba. Kada ka matsa. Ka nemi izinin matakin da ba ya cin kuɗi: a sa WhatsApp Business a layin ƙungiya, a jera hotunan kaya a sashen `Catalog`, a buɗe shafin Facebook da sunan ƙungiya. Ana iya yin adireshin da ke kai mutum kai tsaye ga hira da layin, a rubuta lambar da 234 a gaba, a jefar da sifilin farko:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Bambancin da za ka bayyana musu shi ne, WhatsApp sai wanda ya riga ya sami lambarku, shafin Facebook kuma kowa na iya buɗe irinsa da sunanku ya yi damfara. Shafi mai adireshin kansa ya fi ba kamfani natsuwa, kuma ana iya samunsa ta binciken Google. Amma ko shi ba ya jawo mutane da kansa a watannin farko. Sai an buga adireshin a kan buhu da rasit da kati, an ba direbobi, an tura wa 'yan gari da ke zaune a Legas da Abuja su miƙa wa masu gidajen abinci. Ka faɗi wannan a taron, kada su zata ana buɗewa waya za ta fara ruri.

9. Ka roƙi gwajin kaka ɗaya, ka tashi

Kada ka nemi a yanke hukunci a gabanka. Ka ce: “Iyayena, abin da nake roƙo gwaji ne na albasar bana kawai. In an amince, a ware buhunan da za a gwada da su, sauran kowa ya sayar yadda ya saba.” Ka yi godiya ka fita, ka bar su su tattauna. Amsa takan zo bayan kwana biyu ko mako, ta bakin shugaba.

Idan sun amince, a sayi littafi guda na kira. Duk wanda ya bugo a rubuta rana, da garinsa, da inda ya sami lambar, da buhu nawa yake so, da farashin da ya taya, da farashin kasuwa a ranar, da yadda aka ƙare. Layin “inda ya sami lambar” shi ne zai nuna ko shafin ne ya kawo shi ko kati ne ko ɗan gari. A sa ranar zama na biyu tun yanzu, bayan an kwashe ta rudu, kuma kafin ranar sabunta suna ta zo.

A wannan zama sakatare ne zai karanta littafin, ba kai ba. Idan kira ya yi yawa amma ba a yi ciniki ba, a duba dalili: galibi ko farashin da aka faɗa ya wuce na kasuwa da yawa, ko an kasa tara kaya a kan lokaci, ko wayar tana kashe lokacin da aka kira. Idan kira bai zo ba sam, a tambayi buhu nawa suka fita da adireshin a jikinsu da kati nawa aka raba. Idan an yi duk wannan kuma littafin ya nuna shafin bai mayar da buhunansa uku ba, kai za ka fara cewa a dakatar da kuɗin haya, a riƙe sunan kawai tunda kuɗinsa kaɗan ne, a ci gaba da layin WhatsApp har albasar baɗi.